Soke yarjejeniya: Abin da ya kamata a karanta kafin rubuta wasiƙa

A dokar kwantiragi, mutum zai iya kasancewa da gaskiya a kan abokin hulɗarsa, amma ya wayi gari shi ne kotu ta umarta ya biya diyya, saboda kawai ya soke yarjejeniya ta hanyar da ba ita aka tanada ba.

Dalili kuwa shi ne, yawancin rubutattun yarjejeniyoyi na ƙunshe da wani sashe da ya fayyace lokacin da za a iya kawo ƙarshensu, da wa'adin da za a bayar, da kuma yadda za a isar da sanarwa. Wanda ya rubuta wasiƙar sokewa ba tare da bin wannan sashe ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi watsi da yarjejeniyar, ko da kuwa ɗaya ɓangaren ne ya fara gazawa.

Kotunan Najeriya sun daɗe a kan matsayin cewa ba aikinsu ba ne su sake rubuta wa mutane yarjejeniya. Abin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, shi alƙali zai duba. Saboda haka aikin farko ga mai son fita shi ne karatu, rubutu kuma ya biyo baya.

Domin a ga yadda abin yake a aikace, za a iya ɗaukar misalin wata makaranta mai zaman kanta a Kano, wadda ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin masu gadi mai hedikwata a Kaduna. A ce yarjejeniyar ta shekara biyu ce, daga ranar 1 ga watan Maris na 2024, kuma makarantar na biyan Naira 600,000 a kowane wata. Bayan wani lokaci sai hukumar makarantar ta ga aikin bai gamsar da ita ba, ta yanke shawarar rabuwa da kamfanin.

Ina sashen yake?

Kafin a nemi sashen, sai an tabbatar cewa takardar da ke hannu ita ce wadda ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. Sau da yawa ana samun daftari biyu ko uku a cikin fayil ɗaya, kuma wa'adin da ke cikin daftarin farko kan bambanta da na ƙarshe. Haka kuma a nemo duk wata takardar gyara ko ta sabuntawa da aka rattaba wa hannu daga baya, da takardun da aka liƙa a bayan yarjejeniyar, domin su ma wani ɓangare ne nata.

Tun da yawancin irin waɗannan takardu da Turanci ake rubuta su a Najeriya, sashen kan zo a kashi na ƙarshe na takardar, ƙarƙashin kanun "Termination". A yarjejeniyar haya kuwa akan yi amfani da kalmar "Determination" da ma'ana ɗaya. Idan takardar na cikin kwamfuta, sai a danna Ctrl+F a rubuta "terminat" kawai, domin hakan zai fito da duk wurin da kalmar ta zo ta kowace siga. Daga nan a sake neman "notice" da kuma "renew".

Wannan bincike kan nuna wani abu da mutane da dama ba su lura da shi ba, wato cewa dokar fita ba a wuri ɗaya take ba. A misalin makarantar, sashe na 2 ne ya faɗi tsawon yarjejeniyar. Sashe na 14 ya bayyana hanyoyin sokewa, na 15 kuma ya faɗi abin da zai biyo baya. Sashe na 19 ya tsara yadda ake isar da sanarwa, yayin da sashe na 1 ya fassara abin da ake nufi da ranar aiki.

Wanda ya karanta sashe na 14 kaɗai ya san yana da ikon fita, amma bai san yadda zai yi amfani da ikon ba. Duk lokacin da wani sashe ya ce a duba wani, to a je a duba shi, domin galibi a can ne sharaɗin da zai iya ɓata sanarwar yake.

Ƙofofin fita ba iri ɗaya ba ne

Tambaya ta farko da mai karatu zai yi wa kansa ita ce, ta wace ƙofa yake son fita. A yarjejeniyar makarantar akwai ƙofa biyu, kuma kowacce da sharaɗinta.

Ta farko tana sashe na 14.1, inda aka ce bayan watanni 12 na farko, kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen yarjejeniyar ta hanyar bayar da rubutacciyar sanarwa ta aƙalla kwana 60. A nan ba a buƙatar kawo wani dalili. Farashin wannan ƙofa shi ne haƙuri, domin makarantar za ta ci gaba da biyan kuɗi har wa'adin ya cika.

Ta biyu tana sashe na 14.2, kuma ta shafi babbar saɓawa. An ce idan wani ɓangare ya yi babbar saɓa wa yarjejeniyar, ɗayan zai rubuta masa ya bayyana laifin, ya kuma ba shi kwana 21 ya gyara. Sai idan wa'adin ya wuce ba a gyara ba ne za a iya sokewa nan take.

Wannan ƙofa ta fi sauri, amma ta fi haɗari. Da farko dai tana buƙatar wasiƙa biyu, ta gargaɗi da ta sokewa, kuma ba a haɗa su a takarda ɗaya. Sannan wasiƙar gargaɗin dole ta fayyace laifin yadda wanda aka aika wa zai san abin da zai gyara. Cewa aikin kamfanin ba ya da kyau bai wadatar ba. Abin da ake so shi ne a ce yarjejeniya ta tanadi masu gadi shida a kowane dare, amma daga rana kaza zuwa rana kaza uku kawai ake turowa, kamar yadda littafin sa hannu ya nuna.

Sai kuma batun ko laifin ya kai a kira shi babba. Mai gadi ɗaya da ya makara sau ɗaya da wuya ya kai wannan matsayi. Rage rabin masu gadi na tsawon makonni kuwa na iya kaiwa. Wasu yarjejeniyoyin kan lissafa laifukan da za a ɗauka a matsayin manya, kuma idan akwai irin wannan jeri, shi za a bi. Idan babu, kotu ce za ta auna, kuma ma'auninta na iya bambanta da na wanda ransa ya ɓaci.

Akwai kuma haɗarin jinkiri. Idan makarantar ta san da laifin, ta yi shiru, ta ci gaba da biyan kuɗi wata da watanni ba tare da ƙorafi a rubuce ba, kamfanin na iya cewa ta yafe haƙƙinta na sokewa a kan wannan laifi.

Baya ga waɗannan biyu, akwai hanya ta uku da ba ta buƙatar wani sashe, wato ɓangarorin biyu su amince su rabu. Malaman fiƙihu sun san wannan da sunan iƙala a babin ciniki. Idan aka bi wannan hanya, sai a rubuta matsayar, a faɗi ranar rabuwa da abin da kowa zai biya, kowa kuma ya sa hannu.

Lissafin kwanaki

A ce makarantar ta zaɓi ƙofa ta farko. Shugabanta ya sa hannu a wasiƙa ranar Alhamis, 5 ga watan Yuni na 2025, ya miƙa ta ga kamfanin aika saƙonni a ranar. Ya ƙirga kwana 60 daga ranar da ya sa hannu, ya rubuta cewa yarjejeniyar za ta ƙare ranar 4 ga watan Agusta.

Lissafinsa daidai ne, amma daga ranar da ba ita ba ya fara. Sashe na 19 ya ce saƙon da aka aika ta kamfanin aika saƙonni ana ɗaukar cewa ya isa ne bayan ranakun aiki biyu, kuma daga isarsa wa'adi ke fara aiki. Sashe na 1 kuma ya cire Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati daga ranakun aiki.

A wannan shekara, gwamnatin tarayya ta ba da hutun Babbar Sallah a ranakun Juma'a 6 ga watan Yuni da Litinin 9 ga wata. Ke nan ranar aiki ta farko bayan aika wasiƙar ita ce Talata 10 ga wata, ta biyu kuma Laraba 11 ga wata. A idon yarjejeniyar, a ranar 11 ne wasiƙar ta isa.

Bisa ƙa'idar da aka saba bi, ba a lissafa ranar da sanarwa ta isa a cikin wa'adi, sai idan yarjejeniyar ta ce a lissafa. Don haka 12 ga watan Yuni ce rana ta ɗaya. Zuwa ƙarshen Yuni an samu kwana 19, zuwa ƙarshen Yuli kwana 50, rana ta 60 kuma ta faɗa a kan 10 ga watan Agusta. Sanarwar makarantar ta gaza da kwana shida.

Idan aka raba Naira 600,000 zuwa kwana 30, kowace rana ta kama Naira 20,000, kwana shida kuma Naira 120,000. Wannan ita ce asara mafi sauƙi. Kamfanin na iya zuwa da hujjar cewa sanarwar da ba ta cika wa'adi ba tamkar ba a bayar da ita ba ce, kuma idan kotu ta karɓi hujjar, sai an sake sabon wa'adi na kwana 60, wato kimanin Naira miliyan 1.2.

Maganin wannan ba shi da wahala. Tun da sashen ya ce aƙalla kwana 60, babu laifi a bayar da fiye da haka. Da shugaban ya rubuta 15 ga watan Agusta, ko 31 ga wata, da babu wata kafa ta gardama. A lura kuma ko sashen kwana ya ambata ko wata, domin wata biyu da kwana 60 ba kullum suke zuwa daidai ba. Wasu yarjejeniyoyin ma kan ce dole wa'adin ya ƙare a ranar ƙarshe ta wata.

Wa za a ba, kuma ta wace hanya?

Sashen isar da sanarwa shi ne wanda aka fi tsallakewa, saboda yana can ƙarshen takarda cikin sassan da ake ganin na al'ada ne. Amma shi ne ke faɗin adireshin da za a kai wasiƙa, da jami'in da za a rubuta wa, da hanyoyin da aka amince da su.

A misalin da ake magana a kai, sashe na 19 ya ce a kai sanarwa hedikwatar kamfanin da ke Kaduna, da sunan manajan darakta, ko dai hannu da hannu ko ta kamfanin aika saƙonni. Bai ambaci imel ko WhatsApp ba. Idan makarantar ta miƙa wasiƙar ga shugaban masu gadi a bakin ƙofarta, ko ta tura hotonta ta waya ga manajan reshe, kamfanin na iya cewa ba a ba shi sanarwa yadda aka tanada ba, ko da labarin ya kai gare shi.

Wata shari'a da aka yi a Birtaniya ta nuna inda kotu kan yi sassauci da inda ba ta yi. Kamfanin Mannai Investment na hayar ofisoshi a birnin London daga hannun kamfanin Eagle Star, kuma yana da ikon fita a ranar 13 ga watan Janairu na 1995. A sanarwarsa sai ya rubuta 12 ga wata. Kuskuren rana ɗaya ya kai maganar har gaban alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotu mafi girma a ƙasar.

A 1997 alƙalai uku cikin biyar suka ce sanarwar ta inganta, domin duk mai hankali da ya karanta ta zai fahimci ranar da ake nufi. Sai dai ɗaya daga cikinsu, Lord Hoffmann, ya yi wani bayani da lauyoyi ke yawan ambato. Ya nuna cewa da yarjejeniyar ta ce a rubuta sanarwa a kan shuɗiyar takarda, to rubuta ta a kan takarda mai wani launi ba zai yi amfani ba, komai bayyanar manufar mai rubutun.

Ma'anar wannan ita ce, kotu na iya kau da kai daga tuntuɓen alƙalami idan manufa a fili take, amma ba ta cika kau da kai daga sharaɗin da aka gindaya ƙarara ba. Hukuncin kotunan Birtaniya na wannan zamani ba ya ɗaure kotunan Najeriya, amma suna duba shi a matsayin abin da za a iya kafa hujja da shi, saboda tushen dokar kwantiragin ƙasashen biyu ɗaya ne.

A aikace, wanda zai kai wasiƙa hannu da hannu ya tafi da kofi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata da sa hannu a kan ɗaya. Wanda ya aika ta kamfanin saƙonni kuma ya adana rasidi da shaidar karɓa.

Abin da ke biyo bayan sokewa

Sokewa ba ta shafe bashin da ya riga ya hau kan mutum. Sashe na 15 na yarjejeniyar makarantar ya ce a biya duk kuɗin da ya rage cikin kwana 14, a kuma mayar wa kamfanin da na'urorinsa. A wasu yarjejeniyoyin biyan bashin sharaɗi ne na ingancin sokewar ita kanta, wato idan akwai ragowar kuɗi a ranar fita, sanarwar ta faɗi.

Kotun Ƙolin Najeriya ta taɓo makamancin wannan a 1993, a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell. Yarjejeniyar aikin ta ba da zaɓi tsakanin bayar da wa'adi ko biyan albashi a madadinsa. Kotun ta ce wanda ya zaɓi biyan kuɗi dole ya biya a lokacin da yake kawo ƙarshen aikin, kuma bai wadatar ba ya rubuta a wasiƙa cewa zai biya.

Asara mafi girma kuwa ita ce ta wanda ya fita alhali ƙofar ba ta buɗe ba tukuna. A ce makarantar ta kori masu gadin a ƙarshen watan Oktoba na 2024, wata takwas da farawa, ba tare da wasiƙar gargaɗi ba. Sashe na 14.1 bai fara aiki ba, na 14.2 kuma ba a bi shi ba. Lokaci mafi kusa da za ta iya fita bisa ƙa'ida shi ne wajen ƙarshen watan Afrilu na 2025, wato bayan cikar watanni 12 da ƙarin kwana 60.

Tsakanin lokutan biyu akwai wata shida, waɗanda kuɗinsu ya kama Naira miliyan 3.6. Kotu ba lallai ta ba kamfanin wannan adadi gaba ɗaya ba, domin diyya na bin ainihin asarar da aka yi ne. Za a cire abin da kamfanin bai kashe ba saboda tsayawar aikin, kuma ana sa ran ya yi ƙoƙarin tura ma'aikatansa wani wurin. Duk da haka, makarantar da ta fara da ƙorafi ita ce za ta koma tana kare kanta.

Yana da kyau a duba sashen warware saɓani tun a wannan mataki. Idan ya ce a fara zaman sulhu, ko a je gaban masu sasantawa maimakon kotu, to can rikicin zai nufa idan kamfanin ya ƙi amincewa da sokewar.

Idan babu sashen fa?

Akwai yarjejeniyoyin da ba su ce komai a kan sokewa ba. Idan an ƙayyade musu lokaci, asali shi ne su ci gaba har lokacin ya cika, sai dai idan ɗaya ɓangaren ya yi saɓawar da ta rusa tushen yarjejeniyar. Idan kuwa ba a ƙayyade lokaci ba, kotuna kan ɗauka cewa za a iya kawo ƙarshenta da sanarwa mai wa'adi daidai gwargwado, bisa la'akari da irin hulɗar da tsawonta.

A wasu fannoni doka ce ke cike giɓin. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi mafi ƙarancin wa'adi ga ma'aikatan da dokar ta shafa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Dokar ba ta shafi masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, waɗanda takardar ɗaukarsu aiki ce ke fayyace wa'adinsu. A batun haya kuma kowace jiha da tata dokar.

Sai bayan an kammala wannan karatu ne za a ɗauki alƙalami, kuma wasiƙar kan zama gajera. Za ta ambaci yarjejeniyar da kwanan watanta, da lambar sashen da aka dogara da shi, da tsawon wa'adi, da ranar da hulɗa za ta ƙare. Idan ta ƙofar da ba ta buƙatar dalili aka fita, to babu amfanin cusa zarge-zarge, domin suna iya sa a rasa gane ta wace ƙofa aka bi.

Inda kuɗin da ke cikin yarjejeniya ke da yawa, ko kalmomin sashen na iya ɗaukar fassara biyu, ya fi dacewa lauya ya ga takardar kafin wasiƙar ta fita, saboda sanarwar sokewa idan ta isa hannun ɗaya ɓangaren, galibi ba a iya janye ta sai da amincewarsa.